Yadda na'urori goma ke fita da adireshi ɗaya

A gidan da ke da waya bakwai, kwamfuta biyu da talabijin mai hawa intanet, duniyar waje na'ura ɗaya tak take gani. Wannan aikin rautar gidan ne, kuma dabarar da take amfani da ita ana kiranta NAT, wato sauya adireshi a bakin ƙofa. Larura ce ta haife ta. Tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma tun 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka rubuta dabarar a matsayin maganin wucin gadi. Rumbun adireshi na hukumar IANA ya ƙare a Fabrairun 2011, amma har yau maganin wucin gadin ne ke ɗauke da yawancin gidajen duniya.

Abin da ke burge ni shi ne sauƙinta. A cikin gida kowace na'ura tana samun adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda ba sa tafiya a intanet. A ce wayar da ke kan 192.168.1.20 ta nemi wani shafi ta ƙofarta mai lamba 51000. Rauta za ta goge wannan adireshi daga saƙon, ta sa nata na waje, a ce 203.0.113.5, ta ba shi sabuwar lambar ƙofa, sannan ta rubuta a teburinta:

```
192.168.1.20:51000 -> 203.0.113.5:40001
```

Idan amsa ta dawo kan ƙofa ta 40001, sai ta duba teburin, ta mayar da adireshin asali, ta miƙa wa wayar. Kamar mai gadi ne da ke rubuta sunan duk wanda ya aiki yaro kasuwa, don in yaron ya dawo ya san ɗakin da zai nuna masa. Lambobin ƙofa sun haura dubu 65, shi ya sa adireshi ɗaya ke isar gida guda har da rara. Wayar ba ta san an taɓa saƙonta ba, shafin ma bai sani ba.

Matsalar tana ga baƙon da ba wanda ya aika ya zo. Ana rubuta layi a teburin ne kawai idan na ciki ya fara magana. Saƙon da ya taso daga waje babu layinsa, rauta ba ta san na wa ba ne, sai ta yar da shi. Shi ya sa buɗe shafi da kallon bidiyo ke tafiya lafiya, amma mai shagon da ke son kallon kyamarar tsaronsa kai tsaye daga wani gari sai ya ga allo baƙi.

A nan ake gane gwani. Wanda bai ƙware ba zai shiga saitin rauta ya rubuta layi na dindindin da hannu, ya ce duk abin da ya zo ƙofa ta 554 a kai wa kyamara, sannan ya yi ta mamakin rashin aiki. Gwani kuwa kafin ya taɓa komai zai duba adireshin da rauta ta nuna a ɓangaren WAN, ya kwatanta shi da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun zo ɗaya, buɗe ƙofa zai yi aiki. In ya ga na rautar yana tsakanin 100.64 da 100.127, ya san kamfanin sadarwa ma yana nasa NAT ɗin, ya haɗa kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya, kuma teburin kamfani ba ya hannun kowa a gidan. Wannan ya zama ruwan dare a layukan wayar salula. Sai ya ba da shawarar sayen adireshi na musamman, ko kyamarar da ita ce ke fara kiran wata sabar waje, ko IPv6 in kamfanin yana bayarwa.

Akwai kuma manhajojin da ke rubuta adireshinsu a cikin saƙon kansa, inda rauta ba ta saba leƙawa ba. Tsohon tsarin tura fayil na FTP haka yake, haka ma SIP na kiran murya. Alamar ba ta ɓuya: waya ta yi ƙara, an ɗauka, amma ɓangare ɗaya ne ke jin murya, domin an ce wa ɗayan ya aika sauti zuwa 192.168.1.20, adireshin da ba ya kai ko'ina daga waje.

Masu kiran bidiyo da wasannin intanet sun samo nasu wayon. Kowane ɓangare yana tambayar sabar STUN adireshi da ƙofar da ake ganinsa da su daga waje, su yi musayar amsar, sannan su aika wa juna saƙo kusan lokaci guda, don kowace rauta ta ɗauka nata ne ya fara. Wasu rautoci suna sauya lambar ƙofa ga kowane sabon abokin magana, to a nan wayon ba ya ci, sai a bi ta sabar TURN mai miƙa saƙo tsakani, murya ta riƙa ɗan jinkiri.