Gwanin mangaza: yadda ake tsare abincin dabbobi daga gubar fumfuna a Tondibiya

A cikin masu kiwo na gefen Yamai, wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da zai tsaya gaban buhun tunkuza mai araha, ya cusa hannu har gwiwa, ya zaro, ya ce ba ya so. Mai saye da ido zai ce girman kai ne, alhali mutumin ya ji wani ɗumi ne a tsakiyar buhun, kuma ya san buhu ba ya ɗumi haka kawai. Akwai abu mai rai a ciki da ke ci yana numfashi.

Tondibiya tana bakin kogin Isa, arewa maso yamma da tsakiyar birni, gaba da Gudel. Yawancin watannin shekara iskar wurin busasshiya ce, ajiya ba ta da wahala. Daga Yuni zuwa Satumba lamarin ke juyawa, musamman a Agusta, lokacin da zafi da danshi ke haɗuwa a ɗaki mai rufin kwano. Ga shi kuma abincin da ake ba kaji da shanun tatsa daga nesa yake zuwa. Nijar ba ta noma masara da yawa, don haka akasarinta daga Benin da Nijeriya da Burkina Faso ake shigo da ita, inda damina ta fi tsawo. Gyaɗa kuwa ta Maraɗi ce da yankin Dosso da Gaya. Kafin buhu ya iso hannun mai kiwo ya kwana a gona, a mota, a kasuwa, kuma babu wanda zai ba shi labarin ruwan da ya dake shi a hanya.

Abin da ake gudu shi ne aflatoksin, gubar da wata fumfuna mai launin kore da ɗorawa ke fitarwa, wadda masana ke kira Asfajilus. A cikin ƙasa take zaune. Tana kama gyaɗa tun a gona idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina kwanson ya tsage, tana kuma shiga masara ta ramin da tsutsa ko ƙwaro ya huda. Duniya ta san da wannan guba a 1960, da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da aka ajiye da danshi. Hanta gubar ke nufa, a dabba da mutum, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanta.

Abu biyu ne suka sa wannan aiki ya zama gwaninta. Na farko, gubar ba ta da wari, ba ta da launi. Fumfuna na iya mutuwa, a kakkaɓe ta, buhu ya yi kyau a ido, gubar na nan daram. Shanya a rana ba ta fitar da ita, dahuwa da suya ma haka, shi ya sa ƙuli-ƙulin da ya sha wuta ba shi da wata kariya. Na biyu, ba ta bazuwa daidai a cikin kaya. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, wake ɗaya ɓata gari. Idan aka matse mai, akasarin gubar a tunkuza take zama, kuma ita tunkuzar da ake sayarwa don dabbobi sau da yawa daga gyaɗar da aka tsince aka ware take fitowa, wato motsattsiya da fasasshiya da wadda ta canza launi. Mai matsar mai ba mugunta take yi ba, asara take gudu. Amma wanda ya san kiwo yana tambayar irin gyaɗar da aka matsa kafin ya tambayi kuɗi.

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. Mai kaji 300 masu ƙwai yana buƙatar kimanin kilo 35 na abinci a rana, wato tan ɗaya da ɗan ɗori a wata. A ce a kowane kilo 100 yana zuba masara kilo 60 da tunkuza kilo 15, sauran dusa ce da garin kifi da ɓawon kawa da gishiri. Ana auna gubar da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, kuma iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa abincin dabbobi ita ce 20 a kowane kilo. Idan masararsa tana da 10, rabonta a cikin haɗin 6 ne, babu laifi. Idan kuwa tunkuzar tana da 200, abin da ba baƙo ba ne a kayan da suka yi fumfuna, rabonta 30 ne. Jimla 36, kusan ninki biyu na iyaka, akasari daga kayan da bai kai kashi ɗaya cikin shida na abincin ba. Kajin ba za su zube a rana ɗaya ba, kuma nan ne yaudarar take. Idan aka daɗe a kan irin wannan abinci, ko gubar ta fi haka yawa, cinsu zai ragu, ƙwai ya ragu ya ƙanƙance, allurar rigakafi ta ƙi kamawa yadda ya kamata, mai kaji ya yi ta sayen magani yana zargin iska. Idan aka yanka ɗaya sai a ga hanta ta kumbura, ta koɗe ta koma ɗorawa, tana farfashewa a yatsa. Wasu cututtuka ma suna kawo irin wannan, don haka likitan dabbobi ne zai yanke, amma gwani yakan fara da sauya abincin ya ga ko za su farfaɗo. 'Ya'yan agwagwa da na talo-talo sun fi kaji saurin kamuwa.

Wajen saniya abin ya fi tayar da hankali, domin ita tana iya jurewa ba ta nuna komai, amma wani kaso na gubar yana bi ta nono cikin kwana ɗaya da ci. A ba ta kilo 2 na waccan tunkuza, ta ci maikirogiram 400 ke nan. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya wuce, 4 ne, a raba shi a lita 4 da take bayarwa, kowace lita ta samu 1, ninki biyu na iyakar 0.5 da aka amince da ita a ma'aunin duniya. Tafasa nonon ba ya gyara shi, kuma yara ne ke sha. Abin farin ciki, idan aka janye abincin, nonon yakan tsarkaka cikin 'yan kwanaki.

To, tunda ido ba ya ganin gubar, gwani ruwa yake farauta. Masara tana zama lafiya idan danshinta bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba, ɓararriyar gyaɗa kuwa sai ta sauko wajen 7 zuwa 8. Yana cizon ƙwaya: busasshiya takan fashe ƙas, mai danshi takan lotsa a haƙori. Idan yana shakka sai ya ɗauko busasshiyar kwalba, ya zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sosai, ya toshe, ya girgiza minti ɗaya, ya bar ta kwata. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, danshin ya haura kusan 15, sai shanya. Ya kuma san iyakar gwajin: gishiri bai manne ba yana nufin an sauka ƙasa da 15 ne kawai, don haka yakan ƙara mata yini guda a rana, a kan tamfal ba a ƙasa ba, ya tsince fasassu da masu baƙi, ya bari ta huce a inuwa kafin ya ɗure. Masarar da aka ɗure da zafinta takan yi gumi a buhu. Tunkuza kuwa karya ta yake ya duba ciki, ya ƙi duk wadda ta dunƙule, ta yi laushi, ko take warin tsohon ɗaki.

Mangazarsa ba ta da wani ado. Buhuna suna kan katako, tsayin taƙi ɗaya daga ƙasa, da tazarar rabin mita daga bango, don siminti da bulo suna jan laima. Ba ya jera su har su kusanci kwano, saboda raɓar da ke taruwa a ƙarƙashinsa da asuba tana ɗiga. Akwai taga biyu masu raga da ke fuskantar juna. Kowane buhu yana da ranar shigowarsa a rubuce da gawayi, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Masarar da zai daɗe da ita yakan sa ta a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN na Maraɗi kuma suka gwada shi sosai a ƙasar nan. Buhun yana toshe iska, ƙwari su mutu, fumfuna ta kasa yaɗuwa, amma ba ya busar da abin da aka zuba da danshi, ba ya kuma cire gubar da ta riga ta shiga.

Dabarar da na fi yabawa ita ce ta lokaci. Yana sayen masararsa da rani, lokacin da iska da kanta ke taya shi aiki, ya ajiye ta ƙwaya. Niƙaƙƙen abinci yana jan danshi da sauri, don haka da damina ba ya haɗa na fiye da mako ɗaya ko biyu, tunkuza ma kaɗan-kaɗan yake saye. Yana kankare kwanon abincin kaji, musamman wanda ke kusa da mazubin ruwa, inda jiƙaƙƙen gari ke daskarewa a lungu.

Idan buhu ya lalace, gwani ba ya cakuɗa shi da mai kyau don ya ɓace, ba ya tura wa ragon layya, ba ya kuma karya farashi ya sayar wa maƙwabci. Binne shi yake ko ya ƙone. Akwai wata laka ta musamman da ake zubawa a abinci tana kama gubar a hanji, tana taimako idan gubar kaɗan ce, amma ba ta mayar da ruɓaɓɓen kaya halal ga dabba. Tabbaci na gaskiya sai ɗakin gwaji, kuma cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta daɗe tana aiki a kan aflatoksin na gyaɗa. Mai sayen kaya da yawa da ke son kai samfur, kada ya ɗebo daga bakin buhu ɗaya. Ya tsaki buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa, ya haɗa aƙalla kilo ɗaya ko biyu a busasshiyar takarda ko ƙyalle, ya kai a ranar.