Lambar Sama da Lambar Ƙasa: Juya Takardar Lissafi Zuwa Hausa

A shekarar 2019 aka fara shirin KaLMA a makarantun firamare na ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, inda Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano da British Council da TaRL Africa suka haɗa hannu don koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida karatu da lissafi tun daga tushe, da harshen Hausa. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, sai karatu ya koma ga rediyo da saƙon waya da takardun aikin gida. A nan ne aikin mai fassara yake yin nauyi, domin yaron da ke zaune a zaure da takarda ba shi da malamin da zai tambaya. Abin da aka rubuta shi ne malaminsa.

Tarawa da ɗebewa ba su cika ba da wahala ba. Inda ƙafar mai fassara take zamewa shi ne darasin kashi-kashi, wato lambobi irin 3/8. Turanci yana kiran ta sama numareta, ta ƙasa dinomineta, kuma ba ya canza su daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Mu kuwa kalmar “kashi” muke ɗora wa kaya biyu. Idan aka ce “raba gona kashi uku”, ukun nan dinomineta ce. Idan aka ce “kashi uku cikin takwas”, ukun ta koma numareta.

A ɗauki takarda mai tambayoyi uku: a yi wa 3/8 na wani zane launi, a faɗi dinominetar 5/8, sannan a tara 3/8 da 2/8. Mai fassara da ke gudun maimaici, kamar yadda aka koya masa a darasin insha'i, zai rubuta “kashi uku” a ta farko, “lambar ƙasa” a ta biyu, “yawan kashi” a ta uku. Kowace jimla daidai take, amma yaro zai ɗauka abubuwa uku ake tambayarsa. Ana gane ɓarnar daga amsa. Wanda ya tsaga zanen gida uku ya cike ɗaya, kalma ce ta ruɗe shi, fassarar za a gyara. Wanda ya rubuta 5/16 kuwa ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, bai san aikin lambar ƙasa ba tukuna.

“Lambar sama” da “lambar ƙasa” sun fi sauƙi a bakin yara, kuma sun dace da yadda muke karantawa: uku bisa takwas. Aibinsu shi ne wuri kawai suke nunawa, ba aiki ba, ga shi a lissafin ɗebewa na jeri ma akwai lamba a sama da wata a ƙasa. Don haka a ganina a riƙe su, amma a kafa ma'anarsu sau ɗaya a kan takarda, da zane: lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu daidai wa daida, lambar sama tana faɗin nawa aka ɗauka. A ajiye “gida” ga rabawa, a bar “kashi” ga ɗauka, kada su yi musanya. Sunan Turancin ya zauna kusa da na Hausa a wannan wuri, tunda da Turanci yaro zai rubuta jarrabawar shiga sakandare.

Akwai wata dukiya da takardun makaranta ba su cika taɓawa ba. Manomin Bichi ko Ɗambatta ya san ushiri, domin shi yake fitarwa a matsayin zakka daga geron damina, dami ɗaya cikin goma. A rabon gado ana jin sulusi da rubu'i da sudusi, da sumunin da matar mamaci take samu idan ya bar 'ya'ya. Waɗannan sunaye suna mai da dinomineta sunan abin da ake ƙirgawa. Sumuni uku da sumuni biyu, sumuni biyar ke nan, kuma da wuya a sami yaron da zai ce sumunin ya zama wani abu dabam. Iyakarsu goma, 5/12 dole ta koma “biyar bisa goma sha biyu”, saboda haka tsani ne na shiga darasi, ba za su maye gurbin kalmomin takarda ba.

Kafin a buga, a ba wani malami takardar Hausar ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asali ba. Duk inda dinomineta ta dawo da suna biyu, ko kalmar Hausa ɗaya ta dawo da ma'ana biyu, nan za a gyara. Jerin kalmomin da aka tsayar kuma ya bi takardun zuwa aji na gaba, don kada malamin aji biyar ya rushe abin da na aji huɗu ya gina.