Takardar maraba: a rubuta ta don mai shirya yaro

Duk watan Satumba, idan aka koma makaranta a Birnin Kebbi da Argungu, yara kan dawo gida da takarda a jaka. Makarantun kuɗi ne suka fi yin wannan, kuma al'adar ta burge ni. Abin da ke damuna shi ne irin takardar da ake rabawa. Yawancinta shafi biyu ne na Turanci, rabi kirarin makaranta, rabi lissafin kuɗin zango da na yunifom, a ƙasa kuma adireshin imel. Uba ya duba adadin kuɗin ya ninke ta ya sa aljihu. Uwar da za ta tashi yaro da asuba ta yi masa wanka ta zuba masa abinci, ita ba ta san abin da aka rubuta ba.

A ganina malamin aji ne ya kamata ya rubuta wannan takarda, da Hausa, shafi ɗaya tak. Batun kuɗi a bar wa ofishin hedimasta, ya zo a tasa takardar daban.

A ce malama ce ta aji biyu a wata firamare cikin garin Argungu. Bayan sallama da faɗin sunanta, sai ta shiga lokuta kai tsaye, ta ce ana taron safe bakwai da rabi, ana fita tara ƙarfe goma, ana tashi ɗaya da rabi, ran Juma'a kuma sha biyu. Kowace makaranta ta sa nata lokutan, amma kada a manta da na Juma'a, domin a nan aka fi barin ƙananan yara tsaye a bakin ƙofa, manya sun wuce masallaci. Ta kuma faɗi ranakun da za ta ba da aikin gida da tsawon lokacin da zai ci. Yaron nan yana da Islamiyya da yamma, wani ma da makarantar allo da dare. Idan ta ce aikin Litinin da Laraba ne, kuma ba zai wuce minti ashirin ba, uwa za ta gane da matsala ranar da ta ga ɗanta ya yi awa guda yana kuka a kan littafi, sai ta aiko a faɗa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne hanyar samun malami. Rubuta lambar waya kawai ba ya isa, yakan ma jawo ɓacin rai. Wani ya kira ana tsakiyar darasi, ba a ɗauka ba, ya ce malama na da girman kai. Wani ya kira sha ɗayan dare. Sai malama ta rubuta cewa tana ɗaukar waya daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, kuma wanda ba shi da kati ya yi filashin sau biyu, za ta neme shi. Mai son ganinta ido da ido ya zo ran Alhamis bayan an tashi. Da yake a gidaje da dama waya tana hannun maigida, shi kuwa a wannan lokaci yana fadama wurin shinkafa, to a yanke ƙasan takardar a mayar wa malama ɗauke da lambobi biyu, da sunan mai ɗaukar yaron, da ko yaron yana da sikila ko asma. Takardun da ba su dawo ba cikin mako guda, su ne gidajen da saƙo bai isa ba, kuma su za a bi.

Akwai layi guda da nake roƙon kada a tsallake, wanda zai faɗi ta bakin wa za a ji idan an rufe makaranta. Satumba lokacin cikar gulbin Rima ne, kuma ba mu manta ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ba. Tun bayan sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ƙaramar jita-jita kan sa iyaye su kwaso da gudu. Idan takarda ta ce sanarwa daga lambar hedimasta kaɗai za ta fito, iyaye sun san inda za su tabbatar.

Za a ce ai an buɗe zauren WhatsApp. Yana da amfani, sai dai saƙon malami kan nutse cikin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, kuma mai ƙaramar waya ba ya ciki. Gara malama ta karanta takardar da bakinta ta tura muryar, a kuma karanta ta a taron iyaye da malamai. Inda iyaye suka fi sabawa da ajami, a roƙi malamin unguwa ya kwafe ta a bayan shafin.

Malamai, kafin ku kai takardar bana wurin buga ta, ku karanta wa uwa ɗaya daga cikin iyayen ajinku, sannan ku tambaye ta ƙarfe nawa ake tashi ran Juma'a, kuma yaushe za ta same ku a waya. Idan ta kasa amsawa, ku sake rubutawa.