Amsar da ta faɗo daidai kan 9.81, da dalilin da ya sa ban yarda da ita ba

Lokacin hutun da ya wuce na je gida Yashe, sai wata ƙanwata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta kawo mini littafinta na firaktikal ɗin fiziks. "Yaya, duba mini, na samu amsar daidai," in ji ta. Aikin sananne ne: a rataya ɗan dunƙulen ƙarfe da zare, a kaɗa shi yana lilo, a auna tsawon zaren da lokacin lilon, a lissafo g, wato yadda saurin abu ke ƙaruwa a kowace daƙiƙa idan ƙasa tana jawo shi. A ƙarshe tambayar ta ce a kwatanta amsar da 9.81, a faɗi kashi nawa cikin ɗari aka kuskure. Ita 9.81 cif ta rubuta, kuskure sifili. Da na matsa mata sai ta yi dariya, ta fito da takardar da ta fara rubutu a kai. Ashe ta ɗan taɓa lambobin ne har suka ba da abin da ake nema.

Ban yi mata faɗa ba, don ni ma na taɓa yin haka a shekarata ta farko a jami'a. Mai karatu, laifin na tambayar ne. Tambayar da ta gaya wa ɗalibi amsa tun farko, sannan ta auna ƙwazonsa da kusancinsa da ita, gyaran lamba take koya masa. Abin da ya kamata ta tambaya shi ne: da wannan rula da wannan agogo, iya ina za ka amince da amsarka? Bari mu bi lambobinta na gaskiya ka ga abin da aka yi asara.

Dabarar lissafin ita ce wannan, inda L yake tsawon zare, T kuma lokacin lilo ɗaya, zuwa da dawowa:

```
g = 4π²L / T²
```

Ta auna L ta samu mita 0.800. Rular tana da zanen milimita, amma zare yana ɗan miƙewa, kuma tsakiyar dunƙulen da ido ake ƙiyasta shi, saboda haka mu ce rashin tabbas ɗin tsawon milimita 2 ne. Lokacin lilo 20 kuma ta auna sau biyar, ta samu daƙiƙa 35.8, 36.1, 35.9, 36.2 da 36.0. A nan dole in yaba wa tambayar, domin ta yi daidai da ta ce a ƙirga lilo 20. Ɗan jinkirin yatsa wajen danna agogo yana nan yadda yake ko lilo ɗaya ka auna ko ashirin, to gara a raba shi a kan ashirin.

Matsakaicin lokutan nan biyar daƙiƙa 36.0 ne, don haka T ya zama 1.800. Ka sa a kalkuleta, za ta ba ka 9.7478 da wasu lambobi a baya. Wannan ce amsar da ƙanwata ta ji kunyarta ta goge.

Yanzu ga aikin da tambayar ta tsallake. Lokutan biyar ba su zo ɗaya ba, kuma bambancinsu shi ke gaya mana ingancin awon. Tazarar kowanne daga 36.0 ita ce 0.2, 0.1, 0.1, 0.2 da 0. Ka ninka kowace tazara da kanta, ka tara, za ka samu 0.10. Ka raba da huɗu, wato adadin awon a cire ɗaya, ka ɗauki sikwaya rut, ya ba ka kusan 0.16. Wannan shi ne yadda awo guda yake yawo. Amma mu da matsakaici muka yi aiki, shi kuwa ya fi awo guda natsuwa, sai a raba 0.16 da sikwaya rut na biyar. Sakamakon daƙiƙa 0.07 ne.

Tsawo da mita aka auna shi, lokaci da daƙiƙa, ba za ka haɗa su kai tsaye ba. Sai ka mai da kowanne kashi cikin ɗari na abin da aka auna. Milimita 2 a cikin 800 kashi 0.25 ne cikin ɗari. Daƙiƙa 0.07 a cikin 36 kusan kashi 0.2 ne. Sai dai ka lura, T ninke yake da kansa a dabarar, wato sau biyu yake shiga lissafin. Duk kuskuren da ke cikinsa sau biyu zai bugi g. Don haka 0.2 ɗin nan ya zama 0.4. Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, su ga 0.2 bai kai 0.25 ba, su ɗauka matsalar a rula take, alhali agogo ne ya fi yin ɓarna.

To ya za a haɗa 0.25 da 0.4? Ƙa'idar da aka fi koyarwa a aji ita ce a tara su, a samu 0.65. Ba ƙarya ba ce, amma lissafin ranar da komai ya lalace ne: ta ɗauka rula ta yi kuskure, agogo ma ya yi, kuma duka sun tura amsar gefe ɗaya a lokaci guda. Rula kuwa ba ta san abin da yatsanka ya yi ba. Wata rana kurakuran su taru, wata rana ɗaya ya rage ɗaya. Idan ka yi taku uku gabas, ka yi huɗu arewa, nisanka daga inda ka tashi taku biyar ne, ba bakwai ba. Haka ake haɗa kurakuran da ba su da alaƙa da juna:

```
√(0.25² + 0.4²) ≈ 0.47
```

Kashi 0.47 cikin ɗari na 9.75 kusan 0.05 ne. Amsar da ya kamata a gani a littafin ke nan:

```
g = 9.75 ± 0.05 m/s²
```

Sauran lambobin da kalkuleta ta zubo ba su da amfani, tunda shakka ta riga ta shiga tun daga lamba ta biyu bayan ɗigo. Kuma wannan 0.05 ba katanga ba ce. Ma'anarsa ita ce, in an yi ta maimaita aikin, kusan sau biyu cikin uku tazarar da aka zana za ta ƙunshi ƙimar gaskiya.

Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi. Ita kanta 9.81 ɗin ba ta Yashe ba ce. Ƙimar 9.80665 da babban taron awo na duniya ya tsayar a 1901 ta dace ne da wuraren da ke wajen digiri 45 daga ikwaita, a bakin teku. Duniya tana juyawa, kuma ta ɗan kumbura a tsakiya, shi ya sa jan ƙasa yake raguwa idan ana kusantar ikwaita. Da irin wannan lilon aka fara gano haka: a 1672 Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, ya tarar yana jinkiri da kusan minti biyu da rabi kowace rana. Yashe da Kankiya da Kusada suna wajen digiri 12 arewa da ikwaita, kuma a kan tudu, don haka g ɗinmu kusan 9.78 ne. Ka duba: awon ƙanwata na gaskiya, daga 9.70 zuwa 9.80, ya ƙunshi 9.78. Amsar da ta ƙirƙira kuwa ta garin wasu ce.

Kada mu yi zalama dai. Wannan awon bai isa ya raba gardama tsakanin 9.78 da 9.81 ba, domin bambancinsu 0.03 ne, rashin tabbas ɗinmu kuwa 0.05. Sanin haka shi kansa sakamako ne, kuma lissafin ya nuna inda za a gyara. A cikin jimlar da ke ƙarƙashin sikwaya rut, lokaci ya kawo 0.16, tsawo ya kawo 0.06. Sayen sabuwar rula ba zai canza komai sosai ba. Amma in ta ƙirga lilo 50, kason lokaci zai sauko daga 0.4 zuwa kusan 0.16, jimla ta koma kusan kashi 0.3, a nan ne kuma tsawo zai zama abin damuwa. Kwatanta amsa da 9.81 ba zai taɓa gaya maka wannan ba.

Akwai irin kuskuren da duk lissafin nan ba ya gani. Idan tiyar mai awon hatsi ta lotsa, ko sau ɗari ya auna maka gero, duk ɗarin a rage suke. A lilo ma haka ne. Ana auna L daga inda aka ɗaure zare zuwa tsakiyar dunƙule. In ɗalibi ya tsaya a saman dunƙulen da faɗinsa santimita 2 ne, ya rasa santimita 1, ya rubuta 0.790, g ya fito 9.63. Lokutansa biyar za su yi kyau, 0.05 ɗinsa yana nan, amsar kuma ba daidai ba. Maimaita awo da raba shi da sikwaya rut ba sa taɓa irin wannan.

Yadda ake kama shi shi ne a canza tsawon zaren, a ce daga santimita 40 zuwa 100, a zana giraf na T² a kan L. In awon tsawo daidai ne, layin zai bi ta sifili. In kullum ana rasa santimita 1, layin zai kauce wa sifili da santimita 1 ɗin, amma gangarensa ba zai canza ba, kuma daga gangaren ake ciro g mai kyau. Wani kuskuren kuma girmansa ke tona shi: wanda ya ce "ɗaya" a lokacin da ya danna agogo, maimakon "sifili", lilo 19 ya auna yana zaton 20 ne, sai g ya haura zuwa 10.8. Ka ga 10.8, kada ka zargi agogo, ƙirga ce.

Da ni ke rubuta tambayar, zan cire 9.81 daga cikinta. Zan ce: ba da g tare da rashin tabbas ɗinsa, faɗi wane awo ne ya fi kawo shi, sannan ambaci kuskure ɗaya da maimaitawa ba za ta rage ba. Ɗalibin da ya rubuta 9.63, ya zana giraf ya gano santimitar da ya rasa, ya fi cancantar maki a kan wanda ya kawo 9.81 babu ko ɗigon shakka. Irin waɗannan ɗaliban ne gobe za su auna sinadarin da ke cikin ruwan rijiyar burtsatse ko ƙarfin siminti, inda babu amsa a bayan littafi, kuma wanda ya saba gyara lamba ba zai san lokacin da awonsa ya ɓace ba.

Ƙanwata ta sake rubuta shafin da 9.75 ± 0.05. Ta ce, "Yaya, in aka rage mini maki fa?" Na ce ta tafi da takardarta ta farko, ta nuna wa malam lissafin layi bayan layi.