Injin batir ya zo, huda katako ta tafi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 aikin kafintocin garin ya ƙaru. Ɗalibai na son teburin karatu da kanta, masu gidajen haya na son ƙofofi, ga kuma kayan ɗakin amare da ba su taɓa yankewa ba. A 'yan shekarun nan sai ga ƙaramin injin ɗaure sukuru mai batir ya shiga hannun kusan kowane kafinta, daga Dutsin-Ma har Kurfi, tare da baƙin sukurun nan siriri da ake sayarwa a kwali. Guduma da ƙusa sun ja baya. Ban ƙi injin ba, ya sauƙaƙa wahala, kuma ko babu wuta yana aiki. Abin da na ƙi shi ne ɗabi'ar da ta biyo shi: a ɗora sukuru a kan maɗaci, a danna, a tura shi da ƙarfin tsiya ba tare da an huda masa hanya ba.

Da can, lokacin da ake murɗa sukuru da hannu, ba sai an yi wa kafinta wa'azi ba. In bai huda ba, sukurun ba zai shiga maɗaci ba, tafin hannunsa ne zai yi kanta. Hannu ne ke gaya masa katako ya ƙi. Injin ya ɗauke wannan gargaɗin, domin yana da ƙarfin da zai cusa sukurun ko katako ya yarda ko bai yarda ba. Yaran da suka fara koyo da injin a hannu ba su taɓa jin wannan ƙin a jikinsu ba, shi ya sa suke ganin huda ɓata lokaci ce.

Sukuru ba ya cire nama daga jikin katako, ture shi gefe yake yi. In jikinsa ya kai kaurin milimita 3, to sai katakon ya matsa ya ba shi wurin milimita 3. Farin katako irin obeche, wanda nauyinsa bai kai kilo 400 a mita guda ta kowace fuska ba, yana da sako-sakon jiki, sai ya lotsa ya karɓa. Maɗaci ya haura kilo 700, ƙirya da marke kuwa sun fi shi ma. Irin waɗannan ba su da wurin lotsawa, don haka sai jijiyoyinsu su rabu a tsaye, kamar yadda itace ke darewa in mai faskare ya kafa masa ƙarfe ya buga. Mafi haɗari shi ne kusa da ƙarshen katako, inda babu sauran nama mai yawa da zai riƙe tsagar. Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Ƙa'idar gini da katako ta ƙasashen Turai, Eurocode 5, ta ce duk sukurun da zai shiga katako mai tauri sai an huda masa, kuma ramin da tiredi zai kama ya kasance wajen kashi 70 cikin 100 na kaurin sukurun.

Mu ɗauki benci, irin wanda ake kai wa makarantar Islamiyya ko a ajiye a gaban mai shayi. Saman bencin maɗaci ne mai kaurin inci 1, wato milimita 25, faɗinsa inci 12. A ƙarƙashinsa akwai katakon gindi mai kaurin inci 2 da zai zauna a kai. Sukurun da ya dace shi ne mai kaurin milimita 5 da tsawon milimita 60: milimita 25 za su ratsa na sama, 35 su nutse a na ƙasa.

Rami uku ake yi wa sukuru ɗaya, kuma a nan ne ko masu hudawar ma suke taƙaitawa. Da farko a daidaita katakan biyu, a matse su, a sa bakin huda mai milimita 3.5 a ratsa na sama har cikin na ƙasa, zurfin milimita 60 ko ɗan fiye. Don kada a yi ta kintace, sai a naɗa ɗan salatif a jikin bakin daidai wannan tsawon. Da ya taɓa katako an kai. A riƙa zaro bakin ana kakkaɓe garin, domin maɗaci na toshe shi, ya yi zafi, ya karye. Me ya sa 3.5? Kashi 70 cikin 100 na 5 ke nan. Wanda ba ya son lissafi sai ya ɗaga bakin hudar a gaban sukurun ya duba ta haske: ya kamata ya rufe jikin sukurun, haƙoran tiredi su leƙo ta gefe biyu. In haƙoran sun ɓuya, bakin ya yi girma, sukuru ba zai kama ba. In kuma ana hango jikin sukurun, ya yi ƙanƙanta.

Rami na biyu a katakon sama kaɗai ake yin sa: a faɗaɗa shi da baki mai milimita 5, yadda sukurun zai zurma ba tare da tiredinsa ya kama komai ba. Mutane da yawa na ganin wannan kamar sassauta aiki ne, alhali shi ne ke matse shi. Sukuru na riƙe katako biyu ne ta hanyar kama na ƙasa da tiredi, kansa kuma ya danno na sama. Idan tiredi ya kama duka biyun, duk ɗan ratar da ke tsakaninsu lokacin da ya shiga, nan za ta tsaya har abada. Ka ƙara murɗawa, kai ya ƙara nutsewa, rata tana nan. Baƙin sukurun nan tiredi ne da shi tun daga tsini har wuya, shi ya sa benci sabo fil yake ƙara in an zauna.

Na uku shi ne mazaunin kai. Ƙasan kan sukuru a karkace yake, faɗinsa kuma a sukurun milimita 5 ya kusa milimita 10. In ba a fafe masa gurbi ba, injin zai cusa wannan faɗin cikin fuskar katako, kuma sau da yawa a nan tsagar ke farawa, a daidai murɗin ƙarshe, bayan jikin sukurun ya shige lafiya. Akwai baki na musamman mai kamar mazurari da ake fafe gurbin da shi. Kusurwarsa digiri 90 ce ga sukurun awon milimita, 82 ga na awon Amurka. Ana fafewa ne kaɗan-kaɗan, a kifa kan sukurun a bakin gurbin a gwada: in faɗinsu ya zo ɗaya, ya isa. Wanda ba shi da wannan baki kan ɗauki bakin huda mai milimita 10 ya yi da shi. Yana yi, amma yana da fizga, in ba a yi hankali ba ya ratsa rabin katakon kafin a ɗaga yatsa. Gara a murza shi da hannu.

Sai a goga wa tiredin kyandir. Wasu na sa sabulu, sai dai sabulu na jawo laima, sukuru ya yi tsatsa a ciki. A kuma juya zoben lambobin da ke wuyan injin zuwa tsakiya, yadda zai saki da kansa in kai ya zauna. Daga ƙarshen katako a bar aƙalla milimita 50, daga gefe kuma 25.

Duk wannan ma bai gama da matsalarmu ta nan ba, domin akwai hunturu. Katako mai yawa daga kudu ake kawo shi, wani kuma an yanke shi ne bai daɗe ba, kafinta ya saya da laimarsa ya hau aiki saboda mai kaya na jira. Da iskar Disamba da Janairu ta busa, katakon zai bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Saman bencin nan mai inci 12, in da ɗanyensa aka haɗa, zai iya rage milimita 5 ko fiye. Katakon gindin da ke kwance a gicciye ba zai rage ba. Idan sukuru biyu sun kafe gefe da gefe babu wurin motsi, katakon sama ba shi da zaɓi sai ya dare ta tsakiya ko ta bakin sukuru. Mai benci ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓen katako, kafinta ya ce ai hunturu ne, kowa da gaskiyarsa rabi-rabi. Maganin yana cikin rami na biyu. A kafe sukurun tsakiya daidai, na gefe biyun kuma a ɗan ja raminsu ya yi tsawo ta faɗin katakon, kamar milimita 8, a sa sukuru mai shafaffen ƙasan kai da washa, ta ƙarƙashi in an fi son kada ya fito. Katako ya samu wurin ja da sakewa tsakanin rani da damina.

Game da baƙin sukurun kuwa, ba don maɗaci aka ƙera shi ba. An yi shi ne don kafa allunan silin da na bango masu laushi. Kaurinsa wajen milimita 3.5 ne, ƙarfensa an gasa shi ya yi tauri, ga saurin karyewa. A maɗaci ko ƙirya yakan tsinke a wuya, kai ya faɗo, jiki ya maƙale. Abin da akan yi sai a kafa wani a gefensa, rami biyu ke nan a layin jijiya ɗaya, an ninka dalilin tsagewa. Wanda kuma ke buga sukuru da guduma ya bar murɗi biyu na ƙarshe ga injin, gara ma ya sa ƙusa.

Na san amsar kafintoci, kuma ba ta banza ba ce. Mai saye ba ya biyan kuɗin ramin da ba ya gani. Zai zo ya taya benci kamar yana taya tumatir, in ka ƙi ya wuce rumfar gaba. Yara na karya ƙananan bakunan huda, canza baki sau uku a injin ɗaya kuma da gajiya. Amma ba a canzawa a kowane sukuru: a huda ramukan 3.5 duka a jere, a canza, a bi su da 5, a canza, a fafe. Bencin da bai wuce sukuru 16 ba, ƙarin bai fi minti goma sha biyar ba. Katakon maɗaci guda da ya tsage a hannunka ya fi wannan tsada, balle a dawo maka da kaya bayan wata uku a gaban mutane. A farin katako, in ba kusa da ƙarshe ba ne, a tura kai tsaye, ban ce komai ba.

Mai saye ma yana iya ganewa tun a rumfa. Ya shafa yatsa a kan sukurun: in an fafe masa gurbi, zai ji shi daidai da fuskar katako, bakin ramin a zagaye sumul. In cusa shi aka yi, zai ji jijiyoyi sun tashi kewaye da shi, gicciyen da ke kan sukurun kuma ya cinye saboda injin ya yi ta zamewa. Ya bi layin katakon daga sukuru zuwa ƙarshe da ido, ya nemi tsaga siririya kamar gashi, musamman inda aka cika da garin katako da gam aka shafe da fenti. Ya gwada zura takarda tsakanin katakon sama da na gindi. In ta shige, tiredi ya kama biyun ke nan. A ƙofa kuma ya duba wajen hinji, domin a nan sukurori uku ko huɗu suke jere kusa da gefe, kuma su ke ɗauke da nauyin ƙofar gaba ɗaya.