Dunduniyar Takalmi a Matsayin Shaida: Nazarin Gajeren Labarin Baduku da Yaronsa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wani gajeren labari na Hausa da aka gina a kan taurari biyu, tsohon baduku da yaron da yake koyon sana'a a hannunsa. Marubucin bai ba su suna ba, tsoho da yaro kawai yake kiran su, kuma duk labarin bai fita daga rumfa guda ta bakin kasuwa ba. Tsohon baduku ne na gado, wanda ya fara da jakunkuna da layu da kube, sannan zamani ya mayar da shi mai gyaran takalma. Abin da yake koya wa yaron ya wuce riƙon basilla da shafa gam, domin yana nuna masa yadda ake gane rayuwar mutum daga cin da ƙasa ta yi wa dunduniyar takalminsa. Tambayar da za a bi ita ce, shin shaidar da labarin ya kafa ta isa ta ɗauki hukuncin da ya ɗora mata?

2.0 Darussan Farko

Takalma biyu na farko darasi ne kawai. Na ɗaya na direba ne: bayan dunduniyar dama ya goge ya yi kwana, ta hagu kuwa ba ta kai haka ba. Tsoho ya bayyana cewa direba yakan kafa dunduniyar dama a daɓen mota yana juya ƙafa tsakanin totur da birki, don haka gugar takan hau har kan fatar baya, inda tafiyar ƙasa ba ta taɓawa. Na biyu sau-ciki ne da aka take bayansa har ya kwanta, alamar mai yawan tuɓewa, ko a ƙofar masallaci ko a zauren manya. Waɗannan duka daidai suke, kuma duk mai gyaran takalma zai amince da su.

Sai dai marubucin ya yi tuntuɓe a wuri guda, inda ya sa tsoho ya ce cinyewar gefen waje na dunduniya alamar ɗan dako ce. Galibin mutane da wannan kusurwa ta waje suke fara dira ƙafa, saboda haka nan ne takalmin kowa yake fara ci. Abin da ke jan idon mai sana'a shi ne cin gefen ciki, wanda akan gani ga mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, ko kuma bambanci tsakanin dama da hagu. Kuskuren ƙarami ne, amma a bakin wanda aka ce ya tsufa a kan sana'ar ya fito.

3.0 Takalmi na Uku

Nauyin labarin yana kan takalmi na uku. Wani saurayi ya kawo baƙin sau-ciki yana so a gyara kafin gobe. Yaro ya juya shi, ya ga dunduniyar dama ta cinye, ta hagu kusan sabuwa, amma bakin takalmin hagu da gefensa na waje sun kankare. Ya karanta daidai: mai wannan takalmi yana jan ƙafar hagu. Haka tafiyar mai shanyewar ɓarin jiki take, domin ba ya iya ɗaga kan ƙafa sosai, yatsu ke share ƙasa, dunduniya kuwa ba ta samun dira da ƙarfi. To amma saurayin da ke tsaye lafiya lau ya tako. Sai yaro ya haɗa biyu da biyu, ya ɗaga murya ya tambaye shi inda ya samo takalmin da ba nasa ba.

Wanda ya san kasuwa ya san abin da irin wannan tambaya kan jawo. Marubucin bai yi dogon bayani ba, ya dai nuna mai rake ya ajiye wuƙarsa, masu ɗinki sun tsayar da kekunansu. A nan salonsa ya fi kyau: jimlolin sun gajarta, karin maganar da ya cika shafukan farko ya ɗauke ɗif. Tsoho ya karɓi takalmin, ya zura yatsa ciki, ya zaro dunƙulen takarda daga bakinsa, ya mayar, sannan ya yi wa saurayin gaisuwar rashi. Takalmin mahaifinsa ne, wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa makon jiya, ya kuma yi masa yawa, amma da shi zai je neman aiki.

Irin wannan karatun alama tsoho ne a adabi. Larabawa suna da ilmin ƙiyafa, wato bin sawu, da kuma firasa, kalmar da Hausa ta ara. A labarin "A Scandal in Bohemia" na Conan Doyle, wanda ya fito a 1891, Sherlock Holmes ya dubi kankarar da ke jikin takalmin hagu na abokinsa Watson, ya gane cewa ya sha taɓo kuma mai aikinsa ba ta da kula. A can alama ba ta yaudarar gwani. Labarin baduku ya bi wata hanya, ya bar yaro ya karanta takalmi daidai ya kuma zalunci mutum da karatun. Takalmi yana ba da labarin ƙafar da ta cinye shi ne, wadda ba lalle ta zama ta wanda ya kawo shi ba. A ƙasar da gwanjo da aro da gado suka zama ruwan dare, wannan iyaka ce babba ga ilmin tsohon, kuma marubucin ya cancanci yabo da ya gina rikicin a kanta.

4.0 Inda Shaida ta Gaza

Matsalar ita ce yadda tsoho ya kai ga hukuncinsa. Bayan saurayi ya tafi, ya gaya wa yaro cewa ya ga sabon ci a kusurwar dunduniyar hagu a bisa tsohon ci, wato sawun ƙafa mai lafiya a kan sawun mara lafiya. Tunanin yana da daɗi, amma labarin da kansa ya ce dunduniyar ta robar taya ce, kuma kwana uku kacal saurayin ya yi yana sa takalmin. Robar taya ba ta nuna ci a kwana uku. Da marubucin ya ce ta fata ce, da an yarda, don fata tana karɓar ƙarzuwa tun ranar farko.

Saura ke nan takarda. Ita kuwa abin da take tabbatarwa shi ne takalmin ya fi ƙafar girma, kuma ɓarawo ma yana iya cusa takarda. Babu abin da ke jikin takalmin da ya ce mai shi ya rasu, balle ya ce uba ne. Abin da ya rage wa tsoho shi ne abin da ya gani a jikin mutum. Tun shigowar saurayin an ambata cewa da hannu biyu ya miƙo takalmin, a naɗe cikin tsohon rawani, kuma da aka zarge shi bai waiga neman hanyar gudu ba, ƙasa ya duba. Yaro bai ga ko ɗaya ba, domin idonsa na kan dunduniya. Wannan ita ce shaidar da labarin ya shuka da kyau, amma marubucin bai amince da ita ba, ya koma ya ƙirƙiro wa tsoho hujjar sana'a wadda ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Daga nan ne kuma shafin ƙarshe ya lalace. Tsohon da ya kashe wutar kasuwa da gaisuwa guda sai ga shi yana zuba nasiha a kan zato da haƙuri, da karin magana huɗu a jere. Wannan gado ne daga rubutun zube na farko: a Magana Jari Ce na Abubakar Imam akan rufe labari da darasi, amma a can akwai aku da masu sauraronsa, tsarin ya ba da gurbin haka. A rumfar baduku babu wannan gurbi. Akwai wurin tsayawa sakin layi biyu kafin nasihar, inda yaro ya ɗauko sabuwar dunduniya zai buga wa ƙafar dama kaɗai, tsoho ya ce ya canza duka biyun, kada saurayin ya gaji ɗingishin ubansa.