Sauti da Turmutsitsi: Sharhi kan Shirya Wa'azin Fili a Goron Dutse

Unguwar Goron Dutse da ke cikin ganuwar birnin Kano ta saba da manyan tarukan addini, musamman a harabar masallacin marigayi Khalifa Isyaka Rabi'u, wanda ya rasu a watan Mayu na 2018. Sai dai unguwa ce ta lunguna da gidaje manne da juna, don haka duk taron da ya fi ƙarfin haraba titi yake malalowa, ya miƙe a tsaye. A nan ne wata al'ada ta masu shirya wa'azi a ƙasar Hausa take buƙatar gyara, wato jibge lasifikoki duka a gefen mumbari, a ƙure musu murya, a ɗauka an gama da batun sauti.

Ƙarfin sauti a sarari yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Saboda haka na sahun gaba kunnensa ke zafi, na ƙarshe kuwa gunji kawai yake ji. Wanda bai ji ba ba ya zama. Tashi yake ya matsa gaba, na bayansa su biyo shi. Sau da yawa turereniyar da ake ɗora wa rashin tarbiyyar jama'a daga nan take farawa.

Wasu sukan ƙara lasifika a tsakiyar fili, amma su haɗa ta kai tsaye da ta gaba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wutar da ke cikin waya kuwa nan take take isa. A ɗauka an kafa lasifika ta biyu a nisan mita 100 daga mumbari. Wanda ke zaune kusa da ita zai ji kalma, sannan ya sake jin ta daga gaba bayan kusan sulusin daƙiƙa. A karatun aya, inda tsawon madda da gunna suke da hukunci, wannan ɓarna ce babba. Maganinta shi ne na'urar jinkirta sauti: a jinkirta ta bayan da kimanin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa a kan kowace mita, wato kusan 290 a wannan misali. Gwajin ba ya buƙatar injiniya. A sa wani ya tafa hannu a makirfo kafin jama'a su taru. In na baya ya ji tafi biyu, aiki bai kammala ba.

Waɗanda wannan sakaci ya fi cutarwa su ne mata, domin sashensu galibi a can baya ko a wani lungu ake ware shi. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a ranar Idi Manzon Allah (SAW) ya taka zuwa wurin mata tare da Bilal ya yi musu wa'azi, saboda yana ganin ba su ji huɗubarsa ba. Ke nan labule kaɗai bai isa a ce an ware musu wuri ba, sai an ba su lasifikarsu, da ruwan sha da wurin alwala nasu, da mata masu kula da su.

Ruwa ma yana juya jama'a kamar yadda sauti ke yi. A zafin Afrilu, lokacin da Kano kan kai digiri 40, idan aka tara buhunan fiya-wata a wuri ɗaya, da an ba da hutu kowa can zai nufa. Gara a rarraba su a gefe-gefen sahu, 'yan agaji su riƙa miƙawa ga mutane a zaune. Jifa da su cikin taro kuwa, da ake yi da sunan sadaka, kiran wawaso ne. Hutun kansa a sanar da shi tun farko, a daidaita shi da lokacin salla.

Sa'ar da ta fi haɗari ita ce ta tashi, domin an shigo a hankali cikin awanni, amma a minti ɗaya ake son fita. Ƙiyasin masu tsara filayen wasa shi ne kusan mutum 80 ke wuce mita ɗaya ta faɗin ƙofa a minti guda. Mutum 10,000 a mafita mai mita 3 za su ci fiye da minti 40, in ma babu babur ko teburin mai turare a bakinta. Kuma idan masu neman gaisawa da malam suka nufi mumbari daidai lokacin da wasu ke fita, an sami ayari biyu masu karo da juna. Bayan rasuwar alhazai fiye da 340 a Jamarat a Janairun 2006, babban gyaran da Saudiyya ta yi shi ne gada mai hawa-hawa, da raba hanyar shiga da ta fita.

Sunna ma ta yi tanadi a nan. Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan ɗan dakata a wurinsa bayan sallama, mata su fara tafiya kafin maza su miƙe. A lungunan Goron Dutse wannan na nufin mai gabatarwa ya riƙe maza da addu'a ko sanarwa har sashen mata ya watse, sannan a sallami sahun baya kafin na gaba.